Harkokin Kasuwa: Wasiƙar Mai Kanti A Kuchigoro

Duk wanda ya bi babban titin da ya tashi daga Ƙofar Birnin Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ba zai yi nisa ba zai wuce Kuchigoro. Asalinsa ƙauyen Gwarawa ne, amma yau ya zama mazaunin leburori da direbobi da masu gadi da ƙananan ma'aikata, waɗanda suke wuni a cikin birni su dawo kwana. Tun daga shekarun rikicin arewa maso gabas kuma, musamman 2014, mutanen Gwoza da suka gudo daga Jihar Borno sun sami mafaka a gefen garin. Jama'a ce wadda yawancinta abin da ta samo da rana shi take ci da dare, saboda haka cinikinta na mudu ne da kwalba da ƙulli.

A cikin wannan gari ne wani mai kantin kayan masarufi ya manna wata wasiƙa a jikin ƙofar kantinsa, ya kuma ba yaron kanti kwafinta domin ya riƙa karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba. Wasiƙar ba ta da tsawo, ba ta kuma da ado, amma ta taɓo wata magana wadda take haddasa husuma kullum tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ga abin da ta ƙunsa:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga abokan cinikinmu, iyaye da 'yan'uwa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ana sanar da ku cewa daga ranar Litinin za a iya biyan kuɗin kaya a wannan kanti ta hanyoyi uku: da tsabar kuɗi kamar yadda aka saba, ko da tura kuɗi ta waya zuwa asusun kanti, ko da ɗaukar tambarin QR da yake kan tebur.

"Na ɗaya, ba mu daina karɓar tsaba ba. Na biyu, asusun kanti guda ɗaya ne, shi ne wanda aka rubuta a allo. Kafin ka sa lambar sirrinka, ka karanta sunan da ya fito a wayarka da ƙarfi. In ba sunan da yake allo ba ne, ka tsaya. Na uku, ba ma ƙara ko kwabo a kan farashi domin an biya ta waya. Na huɗu, kaya ba sa fita sai kuɗi ya bayyana a asusunmu. Hoton rasit ko saƙon da ya shigo wayarka ba ya wadatarwa. Wannan doka ta hau kan kowa, har ɗan gida. Na biyar, in an cire maka kuɗi bai iso mana ba, kada ka sake turawa. Za mu rubuta a littafi, mu ajiye maka kayanka. Na shida, babu wanda zai tambaye ka lambar sirrinka a wannan kanti. Allah ya sa albarka a cinikinmu, amin."

Wanda ya karanta da gaggawa zai ɗauka sanarwa ce ta sabon salo kawai. Alhali kuwa abin da wasiƙar ta zo warwarewa shi ne tambaya guda: yaushe ne ciniki ya ƙare? A zamanin tsaba amsar a fili take, domin kuɗi yana barin wannan hannu ya faɗa wancan hannu a kan idon kowa. Da aka koma biya ta waya sai aka sami tazara tsakanin fitar kuɗi da isarsa, wani lokaci daƙiƙa biyar, wani lokaci wuni guda. A cikin wannan tazara ce ake damfara, a cikinta ake zargin mai gaskiya, a cikinta kuma maƙwabta suke ɓatawa.

Yadda Aka Zo Nan

Hanyar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ba sabuwa ba ce. Hukumar NIBSS, watau cibiyar da take daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Nijeriya, ta buɗe ta tun 2011. Amma masu ƙananan kantuna sun daɗe suna kallonta a matsayin abin manyan 'yan kasuwa, har sai da ƙarancin takardun Naira ya tilasta su. A watan Oktoba na 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin takardun sun fara yawo ran 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin sun koma banki, sababbin ba su wadata ba.

Kowa ya tuna abin da ya biyo baya. Mutum yana da kuɗi a asusu amma ba ya iya sayen gishiri, mai kanti kuma yana da kaya amma ba mai saye. Ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, amma kafin nan mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk sun riga sun rubuta lambar asusu a jikin kwali. Da tsaba ta dawo, kwalin bai sauka ba. Sai dai an shiga wannan hanya ne a guje, ba tare da an zauna an tsara ladubbanta ba, wasiƙar Kuchigoro kuwa ƙoƙari ne na cike wannan giɓi.

Hanyoyin Biyu Da Bambancinsu

Hanya ta farko ita ce tura kuɗi zuwa lambar asusu, wadda take da alƙaluma goma a kowane banki. Mai babbar waya yana buɗe manhajar bankinsa ya rubuta lambar. Mai ƙaramar waya kuwa yana danna lambobin da suke farawa da alamar tauraro, kuma ba ya bukatar data. Kowane banki yana da tasa: ta First Bank *894#, ta UBA *919#, ta Zenith *966#, ta GTBank *737#. Alal misali, mai asusu a GTBank da yake so ya tura Naira 12,500 zuwa asusun da yake wani banki zai danna kamar haka, in aka ɗauki lambar asusun ta misali ce kawai:

```
*737*2*12500*0123456789#
```

Daga nan wayar za ta nemi ya zaɓi bankin da asusun yake, sa'an nan ta nuna masa sunan mai asusun, kana ta nemi lambarsa ta tabbatarwa. Wannan suna da yake fitowa shi ne ginshiƙin sharaɗi na biyu na wasiƙar. Banki ba ya sanin wanda mutum ya yi niyyar biya, abin da ya sani lamba ce. In aka kuskure alƙalami ɗaya, sau da yawa na'ura takan ƙi lambar, amma wani lokaci sai ta faɗa a kan asusun wani bawan Allah a Fatakwal ko Ibadan. Kuɗin da ya shiga asusun wani kuwa dawo da shi yana bukatar yardar mai asusun ko doguwar bin diddigi, wani lokaci har da umurnin kotu. Karanta suna da ƙarfi aikin daƙiƙa uku ne, kuma yana sa kunne huɗu su zama shaida.

Hanya ta biyu ita ce tambarin QR, watau wannan zane mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari. Wani injiniya mai suna Masahiro Hara ne da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a kamfanin Denso na ƙasar Japan a 1994, domin bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Ba wani sihiri a cikinsa, rubutu ne da kyamara take iya karantawa. Manyan murabba'ai uku da suke kusurwoyinsa su ne suke nuna wa kyamara ina ne sama ina ne ƙasa, shi ya sa ko an karkata waya takan karanta. A watan Janairu na 2021 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin biyan kuɗi da irin wannan tambari, a watan Maris na shekarar kuma NIBSS ta ƙaddamar da nata mai suna NQR, wanda manufarsa ita ce tambari guda ya karɓi kuɗi daga manhajojin bankuna dabam-dabam.

Tambarin iri biyu ne. Akwai na dindindin, wanda ake bugawa a takarda a manna a tebur. Shi bayanin mai kanti kawai yake ɗauke da shi, mai saye ne zai rubuta adadin kuɗi da hannunsa. Akwai kuma na ciniki guda, wanda mai kanti yake fitarwa a fuskar wayarsa ko na'urarsa bayan ya yi lissafi, yana ɗauke da adadin kuɗin a cikinsa. Na kantin Kuchigoro na dindindin ne, saboda haka dole mai kanti ya duba adadin da ya shigo, don 1,250 da 12,500 sifiri ɗaya ne tsakaninsu.

Ya kamata a fahimci iyakar amfanin tambarin. Abin da yake kawarwa shi ne wahalar rubuta alƙaluma goma da kuskuren da yake tattare da ita. Ba ya hana sabis ɗaukewa, ba ya aiki a ƙaramar waya, ba ya aiki in babu data, kuma ɗaukarsa ba shaida ce ta biya ba. Bugu da ƙari, ba kowane tambari ne kowace manhaja take karantawa ba, domin wasu kamfanoni suna da nasu wanda manhajarsu kaɗai take ganewa. In manhaja ta ƙi karanta tambari, wannan ba alamar ha'inci ba ce, sai a koma ga lambar asusu.

Lissafin Ciniki Guda

A ɗauki wata uwargida da ta zo da yamma ta sayi shinkafa da man gyaɗa da sabulu da sukari, lissafi ya kama Naira 12,500, ta ce za ta tura ta ƙaramar wayarta. Me wannan turawa za ta ci mata?

Bisa jadawalin cajin bankuna da Babban Banki ya fara aiki da shi a watan Janairu na 2020, tura kuɗin da bai wuce Naira 5,000 ba zuwa wani banki yana cin Naira 10, daga nan zuwa 50,000 yana cin Naira 25, abin da ya haura haka kuma Naira 50, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan cajin. Bisa wannan jadawali nata ya kama Naira 26 da kwabo 88. Sai kuɗin danna lambobin tauraro, Naira 6 da kwabo 98, wanda aka ɗora a watan Maris na 2021. Da farko daga asusun banki ake cire shi, amma a tsakiyar 2025 aka mayar da shi kan katin waya, ana lissafa shi a kan kowace daƙiƙa 120. Ma'anar wannan ita ce, mai ƙaramar waya da ba shi da ko Naira goma ta kati zai iya kasa biya ko da asusunsa cike yake.

Akwai kuma Naira 50 ta gwamnati a kan duk kuɗin da ya kai Naira 10,000. Dokar Kuɗi ta 2020 ce ta tsara ta, ana cire ta daga asusun wanda ya karɓa, kuma daga Disamba 2024 ta shafi kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026 ta mayar da ita kan mai turawa. Wannan Naira 50 ita ce hujjar da masu kantuna da yawa suka riƙa kafawa suna cewa "ki ƙara hamsin" ko "ka ƙara ɗari". Tun da nauyin ya koma kan mai saye, wanda ya ci gaba da neman ƙari yana sa mutum ya biya abu ɗaya sau biyu ke nan. Sharaɗi na uku na wasiƙar ya dace da wannan. In aka tara duka bisa jadawalin 2020, uwargidan za ta kashe kimanin Naira 84 a kan cinikin 12,500, wanda kusan kullum bai kai abin da za ta ba mai cirar kuɗi na bakin titi ba in da tsaba ta nema.

Yanzu a juya ga mai kanti. A ƙaddara ribarsa a wannan ciniki Naira 1,000 ce, watau kayan sun tsaya masa a kan 11,500. In wani ya nuna masa rasit na ƙarya ya tafi da irin waɗannan kaya, ba ribar kaɗai ya rasa ba, uwar kuɗi ce ta tafi. Sai ya yi ciniki irin wannan har sau goma sha biyu kafin ya koma inda yake da safe. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai ga tsaurin sharaɗi na huɗu ba.

Inda Shaida Take

Mutane da yawa suna ɗaukar saƙon shigar kuɗi, wanda ake kira alat, tamkar shi ne kuɗin. Ba haka ba ne. Alat saƙon waya ne kawai, yana iya makara awa guda bayan kuɗi ya shiga, kuma ana iya ƙirƙirarsa alhali ko kwabo bai shiga ba. Mayaudara suna da hanyar aiko da saƙo mai kama da na banki, da sunan mai kanti da adadin kuɗi daidai. Haka nan hoton rasit, ana iya ɗaukar tsoho a sauya masa kwanan wata da adadi, akwai ma manhajojin bogi da aikinsu ke nan, su fitar da rasit mai ɗauke da kalmar "Successful" ba tare da sun taɓa wani banki ba. Wanda ya saki kaya a kan irin wannan shaida ya yi cinikin biri a sama.

Shaida ta gaskiya tana wuri ɗaya, shi ne asusun mai kanti, a wayarsa ko na'urarsa, ba a wayar mai saye ba. In kafin zuwan uwargidan akwai Naira 80,000 a asusun, bayan biyanta ya kamata a ga 92,500, a kuma ga sabon layi a jerin shige da fice mai ɗauke da sunanta da adadin da lokacin. Mai ƙirƙirar saƙo yana iya sanin sunan mai kanti da lambar asusunsa, tun da suna rubuce a allo, amma bai san abin da yake cikin asusun ba, kuma ba ya iya ƙara layi a cikin manhajar banki. Saboda haka alamun farko na saƙon bogi su ne ragowar kuɗin da ya nuna ba ta dace da lissafi ba, ko babu ita sam. Alama ta biyu a jikin mutum take: gaggawa. Mai saƙon bogi ya fi son lokacin cunkoso, bayan magariba, ya bar mashin yana ruri a waje, yana cewa ana jiransa.

Hikimar wasiƙar ita ce da ta ce dokar ta hau kan kowa, har ɗan gida. In da mai kanti yana zaɓen wanda zai duba wa asusu da wanda zai ƙyale, to duk wanda aka tsayar zai ji an kira shi ɓarawo. Da aka rubuta aka manna a ƙofa, sai dubawa ta zama al'adar kanti, kamar yadda ba wanda yake fushi don an ƙirga kuɗinsa a gabansa. Yaron kanti ma ya sami abin da zai nuna in wani babba ya matsa masa ya ce, "Kai yaro, ba ka san ni ba ne?" Sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ga abin da maigida ya rubuta."

In An Cire Bai Iso Ba

Mafi wuyar al'amari shi ne ranar da kowa yake da gaskiya. An cire wa uwargidan 12,500, ga saƙon bankinta, mai kanti kuma ya duba asusunsa babu komai. Abin da ya faru shi ne kuɗin yana bin zango uku, daga bankinta zuwa cibiyar NIBSS, daga can zuwa bankin mai kanti, kuma yana iya tsayawa a kowane zango. Ƙarshensa ɗayan biyu ne, ko ya ƙarasa ko ya koma inda ya fito. Wanda ya sake turawa cikin fushi yana iya wayar gari ya tarar ya biya sau biyu.

Babban Banki ya yi doka a kan wannan a 2018. Ta yanka tarar Naira 10,000 a kan bankin da ya wuce minti huɗu bai sa kuɗin da aka tura nan take a asusun mai karɓa ba, ko ya wuce awa 24 bai mayar wa mai shi wanda ya gaza ba. Wanda bai ga kuɗinsa ba zai fara kai kuka bankinsa ne, ya karɓi lambar shaidar ƙorafi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Abin da banki zai nema shi ne doguwar lamba mai alƙaluma talatin da take jikin rasit, wadda aka rubuta wa "Session ID". Da ita ake bin sawun kuɗin daga zango zuwa zango. Wanda ya tura da ƙaramar waya bai ga wannan lamba ba, sai ya riƙe saƙon cirewa da lokacin da ya tura, bankinsa zai zaƙulo ta.

To, wa zai ɗauki nauyin jira? A nan ne mai kantin ya dawo da tsohon abokin aikinsa, watau littafin bashi. Yana rubuta suna da lambar waya da adadi da lokaci da bankin da aka turo daga gare shi. In baƙo ne, ana ɗaure kayansa a ajiye gefe da sunansa, ya dawo in kuɗi ya faɗo. In kuwa mai shafi ce a littafin, irin uwargidan nan da aka san gidanta, ba za a bar tukunyarta ta kwana a kife ba. Za ta tafi da kayanta a matsayin bashi, ba a matsayin wadda ta biya ba, in kuɗi ya shigo a soke, in ya koma mata ta sake biya. Da haka sharaɗi na huɗu bai karye ba, zumunci ma bai karye ba.

Tsaron Tambarin Kansa

Tambarin da aka manna a tebur takarda ce, kuma ido ba ya iya bambanta wannan tambari da wancan. A watan Janairu na 2025 a garin Khajuraho na ƙasar Indiya, wasu mayaudara sun bi dare suka liƙa nasu tambarin a kan na kantuna da dama, da gari ya waye kuɗin masu saye ya riƙa tafiya asusunsu. Abin da ya tona asirin a wani kantin shi ne mai saye da ya lura sunan da ya fito a waya ba na mai kantin ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Maganin abin shi ne kada tambari ya kwana a waje, a sa shi cikin leda mai ƙarfi ko bayan gilashi, mai kanti ya shafa shi da safe ya ji ko an liƙa wani a kai, ya kuma ɗauke shi da wayarsa ya ga sunansa ya fito.

Mai saye ma yana da nasa hattara. Tambarin biya daga cikin manhajar banki ake ɗaukarsa, abin da zai nuna kuwa suna ne da gurbin adadi. In aka ɗauki tambari ya buɗe wani shafi yana neman lambar kati ko lambar sirri ko lambar BVN, tarko ne. Haka kuma ba a sa lambar sirri domin a karɓi kuɗi. Duk wanda ya ce a ɗauki tambari a sa lambar sirri don ya turo wa mutum kuɗi, kwashewa ya zo yi. Sharaɗi na shida yana kare tsofaffi musamman, waɗanda sukan miƙa wa yaron kanti waya su faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a. Daidai ne yaro ya taimaka ya rubuta lambar asusu da adadi, amma in an zo wurin lambar sirri sai ya mayar da waya ya kau da kai.

Abin Da Wasiƙar Ta Bari

Duk da kyanta, wasiƙar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe. Ba ta faɗi abin da za a yi ba in kuɗi ya shigo sau biyu, ko ya wuce lissafi. Mai gaskiya yana bukatar alkawari a rubuce cewa za a mayar masa da rararsa. Mai kanti kuma yana bukatar kariya daga wata tsohuwar dabara, inda mutum zai nuna rasit na 25,000 a kan kayan 12,500, ya ce kuskure ya yi, a ba shi canjin 12,500 tsaba. In rasit ɗin na bogi ne, ya tafi da kaya ya tafi da kuɗi. Ko da kuɗin ya shigo da gaske, yana iya kasancewa daga asusun da aka sace wayar mai shi, in bincike ya biyo baya kuwa asusun kanti ne za a fara riƙewa. Layi guda zai toshe wannan: rara ana mayar da ita ne bayan an gan ta a asusu, kuma zuwa asusun da ta fito kaɗai, ba tsaba ba, ba wani asusu dabam ba.

Sharaɗi na ɗaya kuwa bai kamata a raina shi ba don gajartarsa. A gari irin Kuchigoro akwai tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba, akwai yaron da aka aiko da Naira 200 ya sayo ashana da gishiri, akwai wanda ya gudo daga garinsu ba tare da takardar shaida ko ɗaya ba. Waɗannan su ne suka fi jin jiki a farkon 2023, kuma kantin da ya juya musu baya domin ya sami tambari ya manta da waɗanda suka riƙe shi tun yana tebur guda. Takardar Naira halattaccen kuɗin ƙasa ce, sababbin hanyoyin ƙari ne a kanta.

Duk mai kantin da yake shirin rubuta irin wannan wasiƙa, daga Karmajiji zuwa Lugbe, ya auna ta da ma'auni guda: in rigima ta tashi da daddare shi ba ya nan, yaron kanti zai iya nuna layin da ya raba gardama? In zai iya, wasiƙar ta yi aikinta. Allah ya tsare dukiyar mai saye da ta mai sayarwa, ya sa albarka a kasuwa, amin.